Yaya zan buɗe kuma in rufe imel ɗin tuni ga malamina?

Hauwa'u: Salamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara kuma da ɗan gaggawa. Malamin da ya duba min aikin digiri na biyu nake so ya rubuta min wasiƙar shaida saboda neman tallafin karatu, za a rufe karɓa ranar 30 ga wata, na tura masa imel kwanaki amma shiru, to yanzu tuni zan yi. Ga abin da na rubuta:

"Assalamu alaikum Farfesa. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fatan wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali da duk abokan aiki, amin. Dalilin rubuto maka wannan saƙo shi ne in tunatar da kai maganar da na turo kwanakin baya. Na gode tun kafin ka yi. Taka har kullum, Hauwa."

Abu biyu ne suka tsaya min a rai, farkon nan ji nake kamar kowa ma haka yake rubutawa, sannan rufewar ban san ko ta dace da malami ba. Me kuka gani?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ki goge duk gaisuwar nan gaba ɗaya, imel ba wasiƙar gidan waya ba ce. Mutumin nan saƙo nawa ke shigo masa a rana? Ki ce Farfesa ina tuni kan wasiƙar shaida, wa'adi 30 ga wata, na gode, ki sa sunanki shikenan. Masu aiki da yawa sun fi son haka wallahi.

Hajiya Rabi: A'a Bashir, ban yarda ba. Yarinya za ta je neman alfarma wurin wanda ya girme ta ya kuma koyar da ita, sai ta faɗo masa da buƙata ko sallama babu? Ni da kaina in ɗalibi ya turo min irin wannan zan yi masa abin da ya nema amma raina ba zai so ba, kuma wasiƙar shaida aba ce da ake rubutawa da zuciya, in ran mutum bai yi daɗi ba layi uku zai yi miki ya sa hannu. Hauwa'u 'yata kar ki cire gaisuwa.

Bashir: Hajiya ai ban ce ta yi rashin ladabi ba, cewa na yi layi uku na gaisuwa ɓata lokaci ne.

Malam Sani: Kowannenku ya riƙo gefe guda. Ni aikina kenan shekara da shekaru, sakatare a ofis, wasiƙun da ke shiga da masu fita ta hannuna suke bi, to bari in ɗan tsawaita ku yi haƙuri.

Hauwa'u ki fara ɗaukar wayarki ki buɗe akwatin imel ɗinki ki duba yadda saƙonni suke jere kafin a buɗe su. Sunan wanda ya turo, sai taken saƙon, sai ɗan guntun layi na farko, iyakar abin da ido ke gani kenan. To naki me Farfesa zai gani? "Assalamu alaikum Farfesa. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da" sai ya yanke. Babu abin da ya nuna masa akwai wa'adi, babu abin da ya bambanta shi da saƙon barka da Juma'a, sai ya ce bari anjima na duba, anjimar nan kuwa ita ce sati biyu. A nan Bashir yana da gaskiya. Amma maganinsa a rage gaisuwar ta zama rabin layi, a nan kuma Hajiya ce da gaskiya, sallama da barka da aiki sun wadatar kuma ba su cinye gurbin ba.

Sannan akwai abin da ba ki tambaya ba amma shi ya fi girma, a duk saƙon ba ki faɗi wace magana ba ce, ba ki faɗi ranar rufewa ba. Kin kashe kalma sama da ashirin a gaisuwa, buƙatar kuma kin bar ta a "maganar da na turo kwanakin baya", wato sai ya koma ya laluɓo tsohon saƙo kafin ya gane me ake ciki. Haddataccen buɗewa haka yake yi wa mutum, hannu na rubuta shi ba tare da kai ya yi tunani ba, sai mutum ya ji kamar ya yi rubutu mai yawa alhali bai ce komai ba tukuna.

Hauwa'u: Gaskiya ne Malam, na duba wayar yanzun nan haka yake fitowa. To me zan sa a madadin fatan ƙoshin lafiyar? Don in na cire sai na ji wurin ya yi fayau.

Malam Sani: Ki sa abin da yake gaskiya game da shi shi kaɗai a wannan lokacin. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in jumla za ta iya tashi daga wannan saƙon a manna ta a saƙon kowa ba a sauya ko harafi ba, to ba da shi take magana ba. Me kika sani game da halin da yake ciki yanzu?

Hauwa'u: Na san dai ana tsakiyar duba takardun jarrabawa a sashensu, wata ƙawata da ke can ta faɗa min.

Malam Sani: To madalla, ga abin da za ki yi amfani da shi nan. A take ki rubuta "Tuni kan wasiƙar shaida, wa'adi 30 ga wata". A ciki kuma:

"Assalamu alaikum Farfesa, barka da aiki. Ina tuni ne kan wasiƙar shaidar da na roƙa ta neman tallafin karatu, za a rufe karɓa ranar 30 ga wata. Na san ana tsakiyar duba jarrabawa, shi ya sa na haɗo takardar bayanin karatuna da taƙaitaccen aikin da ka duba min don kada sai an nemo su. Idan lokaci ba zai ba da dama ba, don Allah a sanar da ni kafin ranar 23 in samu in nemi wani malamin. Allah ya ƙara girma. Ɗalibarka,"

sai cikakken sunanki, a ƙasa ki sa digiri na biyu da shekarar da kika gama. Ki lura kulawar da kike so ki nuna da fatan lafiya ba ta ɓace ba, ta koma cikin "na san ana tsakiyar duba jarrabawa", kuma wannan ya fi shiga rai don ya nuna kin tuna da wahalarsa har kin rage masa aiki. Kuma ki tura shi a matsayin amsa a ƙarƙashin saƙonki na farko, kar ki buɗe sabo, taken kawai za ki sauya, yadda na farkon zai zo masa a ƙasan wannan.

Rufewar kuma, "taka har kullum" ki ajiye ta. Wannan ta miji ce ko aminiya ko 'yar'uwa, ɗaliba mace ba ta rubuta wa malami namiji haka, ko shi bai ɗauke ta da wata manufa ba imel abu ne da ake turawa gaba, wata rana sakatarensa ne zai buɗe ko a tura wa shugaban sashe da duk abin da ke ƙasa. "Ɗalibarka" ta faɗi ainihin dangantakar ba ƙari ba ragi, kuma tana tuna masa dalilin da ya sa kike da hurumin roƙonsa. Haka "Hauwa" kaɗai bai isa ba, Hauwa nawa ya koyar?

Aminu: Abu mai sauƙi ai. In Gmail kike amfani da shi ki shiga `Settings` ki gangara wurin `Signature` ki rubuta na gode da sunanki da lambar waya sau ɗaya, duk saƙon da kika tura zai riƙa fitowa da kansa a ƙasa, kin huta.

Hauwa'u: Na gode Aminu amma ba yadda ake saitawa nake tambaya ba, kalmar da ta dace da mutumin nake nema.

Malam Sani: Amma gara da ya kawo maganar. Abin da ya kamata ya zauna a wannan wurin shi ne abin da ba ya sauyawa, suna, muƙami, lambar waya. Kalmar rufewa kar a saka ta a ciki, a riƙa rubuta ta da hannu kowane saƙo. Na sha ganin takardar jan kunne ta fita zuwa ga ma'aikaci a ƙasanta "na gode ƙwarai da haɗin kai", na ga saƙon ta'aziyya da ya ƙare da "a sha hutun ƙarshen mako lafiya", duk don an saita ne an manta. In a kwamfuta ne Gmail yana bari ka ajiye fiye da ɗaya, ka zaɓi wanda zai fito a sabon saƙo da wanda zai fito a amsa, to na amsa a bar shi suna kawai.

Zainab: Ni bari in faɗi nawa don abin har yau yana min ciwo. Lokacin da aka yi min aiki ina kwance a asibiti, ofishinmu sun sani sarai don su suka sa hannu a takardar hutun jinyar, sai ga imel daga wurinsu ya fara da "muna fatan kana cikin ƙoshin lafiya", kana fa ba kina ba, sannan a cike fom kaza a dawo da shi kafin Litinin. Wallahi sai da na yi hawaye, ba fom ɗin ne ya dame ni ba, ganin cewa wanda ya turo ko sunana bai kalla ba. Da "ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi" kawai ya rubuta da na cike musu da daɗin rai.

Hajiya Rabi: Allah sarki Zainab, Allah ya ƙara lafiya. To kin ga wannan ba laifin gaisuwa ba ne, laifin wanda ya kwafo ne bai duba ba.

Zainab: Amin Hajiya na gode. Haka ne amma ai irin wannan jumlar ce ke jawo kwafen, tunda kullum iri ɗaya ce ba wanda ke sake karanta ta kafin ya tura.

Malam Sani: Kana da kina nan shi ne wurin da asirin kwafe ya fi saurin tonuwa a rubutunmu, shi da ranka da ranki, da ɗalibinka da ɗalibarka. Duk wanda yake da ajiyayyen saƙo da yake sake amfani da shi, waɗannan zai fara bi. Kuma fatan lafiya yana da wuraren da sam ba ya shiga, wanda ka san ba shi da lafiya, wanda aka yi wa rasuwa, wanda kuka rabu da shi awa ɗaya da ta wuce a taro, da wanda za ka ba labari mara daɗi a layi na gaba. Na taro ka ce "game da abin da muka tattauna ɗazu", na labari mara daɗi kuwa ka yi sallama ka shiga maganar a hankali, don in ka yi masa dogon fatan alheri sannan ka ce ba a ɗauke shi aiki ba sai ya ji kamar da gangan aka ɗaga shi aka sake.

Inda yake da amfani na gaske shi ne mutumin da kuka daɗe ba ku ji juna ba, nan ma ya fi kyau ka kama wani abu, ya jikin Mama, ya sabon wurin aikin, yaran sun koma makaranta?

Bashir: Na yarda da yawancin wannan amma ni fa tsorona shi ne mutum ya zauna yana ƙirƙiro kulawar da babu ita. Wanda ban sani ba fa, karon farko zan rubuta masa, me zan kama?

Malam Sani: Kar ka ƙirƙiro komai. Ga baƙo, layin farko aikinsa ya faɗi wane ne kai da yadda aka yi ka samu adireshinsa, "sunana wane, wance ce ta ba ni adireshinka ta ce kai ke kula da kaza". Shi abin da yake tambayar kansa kenan da ya ga baƙon suna. Rufewa kuma "na gode" da cikakken suna, ba naka, ba ɗan'uwanka, tunda ba ku kai nan ba tukuna.

Nasiru: Mu fa a wurin aikinmu da Turanci ake komai, `Hope this finds you well` a sama `Kind regards` a ƙasa, har ogan ma haka yake yi. In na daina ba za a ga kamar na fita daban ba?

Malam Sani: Na ƙasan ka bar shi, ba ya cutar da kowa kuma ya zama ruwan dare tsakanin abokan aiki. Na saman ne za ka iya musanyawa da dalilin saƙon, ba wanda zai lura ka cire, abin da za su lura shi ne saƙonka ya fi saurin ganewa. In kuma wasiƙa ce ta hukuma mai kan takarda, ƙa'idar Turancin Ingila da muka gada tana nan, in ka buɗe da `Dear Sir` ko `Dear Madam` ka rufe da `Yours faithfully`, in ka ambaci sunan mutum ka rufe da `Yours sincerely`. Masu tace takardun neman aiki da yawa har yanzu suna kallon wannan.

Hajiya Rabi: Malam Sani ni akwai inda ban gamsu ba a gyaran da ka yi wa yarinyar nan. "A sanar da ni kafin ranar 23 in nemi wani malamin", wannan a kunnena kamar ta ba shi wa'adi ne, har da nuna masa akwai wasu. Babba ba a yi masa haka.

Malam Sani: Hajiya na fahimce ki, amma ni ƙofar fita na ba shi. Malamai da yawa shirun da suke yi nauyin cewa a'a ne, in ta nuna masa ba za ta ji haushi ba sai ya samu sauƙin faɗa, ita kuma tana da sati guda ta nemi mafita. In ta yi shiru har 29 ga wata fa?

Hajiya Rabi: To a tausasa shi dai. Ta ce "idan aiki ya yi yawa ba komai wallahi, sai a ba ni shawarar wanda zan tuntuɓa", ka ga ta bar zaɓin a hannunsa, ranar 23 kuma ta riƙe a ranta, in ta zo shiru ta kira waya ko ta je ofis da ƙafarta.

Bashir: In babu rana a rubuce zai ɗauka akwai lokaci Hajiya.

Hajiya Rabi: Ai 30 ga wata na nan a take da cikin saƙon, ya isa.

Malam Sani: Wannan kam Hauwa'u ce ta san halin malaminta, akwai wanda rana a rubuce ke taimaka masa akwai wanda za ta ɓata masa rai. Amma "na gode tun kafin ka yi" da ke cikin na farkon ina ganin duk mun yarda a cire ko? Godiya kan abin da mutum bai amsa zai yi ba tana ɗaure shi, tsakanin abokan aiki kan ƙaramin abu ba laifi, ga wanda kake roƙo kuwa ta yi nauyi.

Zainab: Ni ban ga aibunta ba gaskiya, ina rubuta ta kullum kuma ba wanda ya taɓa nuna min ya ji wani iri.

Yakubu: Tambaya ɗaya daga gefe. Ni Kirista ne kuma abokan aiki suna rufe min saƙo da wassalam ko Allah ya saka da alheri, ni ba ya damuna ko kaɗan, addu'a ce, ni ma ina rubuta Allah ya saka. Amma na ga wani abokin aikinmu ya tura wa wata ƙungiya ta ƙasar waje saƙo ya rufe da doguwar addu'a, suka dawo suna tambayar ko akwai wani abin da ake so su yi. To ina iyakar take?

Malam Sani: Ni abin da nake bi, wanda na san mun saba da irin wannan a baki ina rubuta masa, wanda ban san shi ba ina tsayawa a na gode har sai na ga yadda shi yake rufe nasa. Kuma wannan ta shafi kowa ma, ka kalli amsar mutum ta farko, ita za ta nuna maka matakin da yake so a tsaya. Sai dai in babba ne kar ka sauko daidai da shi, ka tsaya taki ɗaya a sama. Hauwa'u in Farfesa ya amsa miki da "To, zan duba" ko suna bai sa ba, ke ba za ki mayar da "to" ba, kuma ba za ki sake jero sallama da Allah ya ƙara girma da cikakken suna da shekarar gamawa ba, "Na gode Farfesa, Allah ya saka da alheri. Hauwa'u" ya wadatar. Saƙo na uku na huɗu a zare ɗaya rufewar tana ƙara gajarta, haka ya kamata.

Hauwa'u: Na gode muku duka wallahi. Na ɗauki gyaran Malam Sani, wurin ranar 23 kuma na sa irin na Hajiya don Farfesan namu mutum ne mai son a bi shi a hankali, na cire taka har kullum na sa ɗalibarka. Abu ɗaya ya rage, Allah ya ƙara girma zan bari ko ranka ya daɗe zan sa a farko, ko duka biyun?

Hajiya Rabi: Me kike ce masa in kin shiga ofishinsa?

Hauwa'u: Ranka ya daɗe muke cewa dukkanmu.

Hajiya Rabi: To ki sa shi a farko bayan sallama a madadin barka da aiki, Allah ya ƙara girma ya zauna a ƙarshe, kar ki haɗa su wuri ɗaya. Kuma ki tura da safe kafin ya shiga aji.